Yadda ake gano ainihin kuɗin ruwan rance a shekara idan an haɗa duk cajin da ke ciki

Rance biyu ne a gaban wata mai shagon kayan masarufi a Kamazou, unguwar da ke kudancin Kogin Kaduna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Tana neman Naira 600,000 ta saro kaya, ta biya cikin wata goma sha biyu. Mai bayar da rance na farko ya ce ruwansa kashi 3 ne cikin ɗari a wata, na biyu ya ce nasa kashi 4. Duk wanda aka tsayar a bakin hanyar Yakowa aka tambaya zai ce na farko ya fi araha. Amma idan aka bi diddigin kuɗin da za su shiga hannunta da waɗanda za su fita, na farkon zai tsaya mata a kan kusan kashi 67.5 a shekara, na biyun kuma kashi 50. Wannan misali ne da aka tsara don bayani, sai dai sharuɗɗan da ke cikinsa irin waɗanda 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke sa wa hannu ne a kullum.

Awon da ke fito da wannan bambanci shi ne wanda takardun banki ke rubutawa da haruffa uku, APR, wato adadin tsadar rance a shekara. Ma'anarsa guda ce: adadin ruwan da, idan aka dawo da kowane biya na gaba zuwa darajarsa ta yau da shi, jimillar za ta yi daidai da kuɗin da mai cin bashi ya karɓa a hannu. Ba ruwan awon da sunan da aka laƙaba wa kuɗi. Ko an kira shi kuɗin ruwa, ko kuɗin fom, ko inshora, muddin ya fita daga aljihun mai cin bashi a matsayin sharaɗin samun rancen, to yana cikin lissafi. Abu biyu kawai awon ke tambaya: nawa ne, kuma yaushe.

Abin da takardar farko ta ƙunsa

Kashi 3 na mai rance na farko ana lissafa shi ne a kan uwar kuɗin farko, daga watan fari har na ƙarshe, ba tare da la'akari da abin da aka riga aka biya ba. Kashi 3 na Naira 600,000 shi ne Naira 18,000. Uwar kuɗin kuma an raba ta gida goma sha biyu, Naira 50,000 kowane wata. Ke nan biyan wata Naira 68,000 ne, jimilla Naira 816,000 a ƙarshen shekara, wanda Naira 216,000 daga ciki ruwa ne.

A nan tsada ta farko take ɓuya. Mai shagon ba ta riƙe Naira 600,000 na tsawon shekara. A wata na biyu saura 550,000 a kanta, a na bakwai saura 300,000, a watan ƙarshe kuwa 50,000 kacal ake bin ta, amma har a lokacin tana biyan ruwan 18,000 kamar ba ta taɓa biyan ko sisi ba. Idan aka ɗauki matsakaicin abin da ke hannunta cikin shekarar, Naira 325,000 ne, wato rabi da ɗan ɗoriya. Tana biyan hayar ɗaki cikakke alhali tana kwana a rabinsa.

Tsada ta biyu ita ce abin da ake cirewa tun kafin kuɗin su faɗa asusu. A wannan misali an cire kashi 1 na gudanar da rance, Naira 6,000, da harajin VAT na kashi 7.5 a kan wannan caji, Naira 450. An cire inshorar rai ta mai cin bashi Naira 9,000, sai kuɗin fom da na binciken tarihin bashi Naira 2,550. Jimilla Naira 18,000. Saƙon da zai shigo wayarta zai nuna Naira 582,000, kuma wannan shi ne rancen gaskiya, domin da shi za ta je Sabon Tasha ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta sari kaya. Ragowar 18,000 ba ta taɓa ganin su ba, amma za ta biya su, kuma za ta biya ruwa a kansu.

Da wannan an kammala tattara kayan aiki. Naira 582,000 sun shigo yau, Naira 68,000 za su fita a ƙarshen kowane wata har sau goma sha biyu.

Dawo da kuɗin gobe zuwa darajar yau

Ɗan kasuwa ba ya bukatar malami ya faɗa masa cewa Naira dubu ta yau ta fi Naira dubu ta baɗi, tunda ta yau za a iya juya ta. Lissafin yana ɗora wa wannan sani lamba ne kawai. Idan kuɗi na haihuwar kashi 5 a wata, to Naira 68,000 da za a biya bayan wata guda daidai suke da Naira 64,762 a yau, domin idan aka ƙara wa 64,762 kashi 5 za su zama 68,000. Ana samun wannan ta hanyar raba 68,000 da 1.05. Biyan wata na biyu ana raba shi da 1.05 sau biyu, ya ba da Naira 61,678. Haka za a yi ta tafiya har biya na goma sha biyu, wanda ake rabawa sau goma sha biyu, ya koma Naira 37,865.

A rubuce, abin da ake nema shi ne adadin ruwan wata, wanda aka sa wa alamar r, da zai sa ɓangarorin nan biyu su yi daidai:

```
582000 = 68000/(1+r) + 68000/(1+r)^2 + ... + 68000/(1+r)^12
```

Babu wata dabarar da za ta ciro r daga wannan jeri kai tsaye, kamar yadda ake warware ƙananan lissafin makaranta. Hanyar ita ce gwaji da gyara, kuma ita ce kwamfuta ma ke bi, sai dai ta fi sauri. Ana zaɓar adadi, a lissafa jimillar darajar yau, a kwatanta da abin da aka karɓa. Idan jimillar ta zarce, adadin ya yi ƙasa, a ɗaga shi. Idan ta gaza, ya yi sama, a sauke shi.

A kan kashi 5 a wata, biya goma sha biyun sun taru sun ba da Naira 602,701. Wannan ya ɗara 582,000, don haka ainihin ruwan ya fi kashi 5. A kan kashi 6 jimillar ta sauka zuwa Naira 570,101, ta gaza. Amsar tana tsakani. Tazarar jimillolin biyu Naira 32,600 ce, kuma daga ta farko zuwa inda ake nema akwai Naira 20,701, wato kusan kashi 63 cikin ɗari na tazarar. Hasashen farko ke nan ya faɗa a kan kashi 5.63. Wannan hasashe yakan ɗan zarce gaskiya kaɗan, saboda dangantakar ba miƙaƙƙen layi ba ce, lanƙwasasshiya ce. Idan aka matso da gwajin, kashi 5.6 ya ba da Naira 582,815, kashi 5.7 kuma ya ba da 579,596, sai amsar ta tsaya a kan kusan kashi 5.625 a wata.

Akwai hanyar tabbatarwa da ba ta bukatar komai sai na'urar lissafi ta waya. A ɗauki 582,000 a matsayin bashi, a ɗora masa ruwan kashi 5.625, wato Naira 32,738, a cire biyan 68,000, saura 546,738. A wata na biyu ruwan ya zama 30,754, ragowar ta koma 509,492. Idan aka ci gaba haka har wata na goma sha biyu, bashin zai ƙare daf da sifili, da 'yar ragowar da gutsuttsuren lambobi suka haifar. In ya ƙare da dubbai masu yawa a sama ko a ƙasa, to an yi kuskure a wani wuri.

Wanda ke da Excel ko Google Sheets, a kwamfutar ofis ko a waya, zai sami amsar da layi guda:

```
=RATE(12,-68000,582000)
```

Alamar ragi da ke gaban 68000 wajibi ce, domin manhajar na bambanta kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita ta wannan alama. Idan aka bar lambobin biyu da alama iri ɗaya, sai ta mayar da `#NUM!` maimakon amsa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Idan biyan ba iri ɗaya ba ne kowane wata, sai a jera kuɗin a layi, na shigowa a gidan farko, na fita a ƙasa da alamar ragi, a yi amfani da `=IRR(A1:A13)`.

Daga wata zuwa shekara: lambobi biyu masu suna ɗaya

Kashi 5.625 na wata ne. Mayar da shi na shekara yana da hanya biyu, kuma duniya ba ta haɗu a kan guda ba. A Amurka, ƙarƙashin dokar bayyana gaskiyar rance ta 1968, ana ninka adadin wata da goma sha biyu ne kawai. Da wannan hanya rancen mai shagon ya kama kashi 67.5. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa ana lissafa ruwa a kan ruwa, wato a ninka 1.05625 da kansa sau goma sha biyu a cire ɗaya, sai a sami kusan kashi 92.8. Rance ɗaya ne, biya ɗaya ne, kuma duka lambobin biyu daidai ne a ma'auninsu. Ta biyun ta fi kusa da abin da mai rance ke samu idan yana sake juya kowane biya da ya karɓa, ta farkon kuma ta fi sauƙin ɗorawa kusa da ruwan shekara da bankuna ke tallatawa. Haɗarin shi ne a auna rance ɗaya da mudun Amurka, ɗayan da na Turai. Duk wanda aka nuna wa APR a takarda yana da haƙƙin tambayar wace hanya aka bi, kuma waɗanne caji aka saka a ciki.

Yana da amfani a ga inda tsadar ta taru. Kashi 3 sau goma sha biyu kashi 36 ne, kuma wannan ce lambar da mai shagon ta tafi gida da ita a ranta. Da ba a cire mata komai ba, ta karɓi 600,000 cif, ruwan wata zai kama kashi 5.08, na shekara kusan kashi 61. Ke nan salon lissafa ruwa a kan uwar kuɗin farko shi kaɗai ya ƙara maki 25. Cajin Naira 18,000 kuma ya ƙara wasu maki shida da rabi, duk da cewa kashi 3 ne kawai na rancen. Dalili shi ne an karɓe su a rana ta farko, lokacin da kuɗi suka fi daraja, kuma nauyinsu ya hau kan bashin da ke raguwa.

Cajin farko ya fi ciwo idan wa'adi gajere ne. Da a wata shida za a biya wannan rance da sharuɗɗa iri ɗaya, biyan wata zai zama Naira 118,000, kuma cajin 18,000 ɗin zai ɗaga tsadar daga kusan kashi 59 zuwa kusan kashi 71, ƙarin maki sama da goma sha ɗaya. Haka nan wanda ya biya bashinsa kafin lokaci ba a mayar masa da cajin farko ba, ya ɗaga wa kansa adadin tsadar ne ko da jimillar Nairar da ya biya ta ragu.

Takarda ta biyu

Mai rance na biyu yana lissafa kashi 4 ɗinsa a kan abin da ya rage na bashi kowane wata. Biyan wata a kan Naira 600,000 ya kama Naira 63,931, jimilla kusan 767,200. Abin da ya cire a farko kuɗin gudanarwa ne da harajinsa, Naira 6,450, don haka 593,550 suka shiga asusu. Da aka bi matakan da suka gabata, ruwan wata ya tsaya a kan kusan kashi 4.19, na shekara kashi 50.2 ta hanyar ninkawa, ko kashi 63.6 ta hanyar ruwa a kan ruwa. A kowane ma'auni ya fi na farko araha, kuma a Naira ma haka ne: mai shagon za ta karɓi ƙarin 11,550 a farko, ta kuma biya kusan 48,800 ƙasa da na wancan.

Ajiyar dole

Akwai wani sharaɗi da ba a kiran sa caji, amma sau da yawa ya fi kowane caji tsada. Wasu ƙananan bankuna da ƙungiyoyin lamuni kan ce sai mai neman rance ya bar wani kaso a asusu a matsayin jingina, za a mayar masa idan ya gama biya. Tunda za a mayar, mutane ba sa lissafa shi. A ce mai rance na farko ya riƙe kashi 10, Naira 60,000, ba tare da ba su wata riba ba. Abin da ke hannun mai shagon ya koma Naira 522,000, biyan wata bai canza ba, a ƙarshe kuma 60,000 za su dawo mata:

```
=RATE(12,-68000,522000,60000)
```

Amsar kusan kashi 6.67 ce a wata, wato kashi 80 a shekara ta hanyar ninkawa, kimanin kashi 117 ta hanyar ruwa a kan ruwa. Ba a ci ko Naira ɗaya daga ajiyarta ba, amma shekara guda tana biyan ruwa a kan kuɗin da ke kwance a asusun wanda ya ba ta rancen. Idan kuma ajiyar daga aljihunta ta kawo ta kafin a ba da rancen, lissafin bai canza ba, domin abin da ya ƙaru a hannunta a ranar dai 522,000 ne.

Me ke shiga, me ba ya shiga

Ƙa'idar tantancewa tambaya ce guda: shin za a ba da rancen idan ba a biya wannan kuɗi ba? Idan amsar a'a ce, yana ciki. Kuɗin gudanarwa, na fom, na lauya ko na kimanta jingina da mai rance ya wajabta, inshorar dole, da harajin da ke kan waɗannan caji, duk suna ciki. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan wasu daga cikinsu, amma mai lissafa wa kansa ba shi da dalilin barin abin da ya fita daga aljihunsa. Tarar jinkiri ba ta shiga, saboda ana lissafin ne bisa zaton za a biya a kan lokaci. Wannan iyaka ce ta awon, kuma ma'aikacin da albashinsa ke makara ya kamata ya karanta sashen tara daban, domin APR ba zai faɗa masa komai a kai ba.

Jadawalin cajin bankuna na Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2020, ya taƙaita kuɗin gudanar da sabon rance a kan kashi 1 na abin da aka bayar, a karɓa sau ɗaya. Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da bankin ya fitar a 2019 kuma sun wajabta wa cibiyoyin da yake sa wa ido su bayyana ruwa da caji a rubuce kafin a ƙulla yarjejeniya. Ƙungiyar lamuni ta wurin aiki da mai ba da bashi na unguwa ba sa ƙarƙashin wannan jadawali, kuma a wurinsu ne ruwan uwar kuɗin farko ya fi zama ruwan dare.

Rancen manhajojin waya shi ne mafi sauƙin lissafi, tunda biya ɗaya ne. A ce an nemi Naira 50,000, aka turo 47,500, za a biya 55,000 bayan kwana 30. Tsadar Naira 7,500 ce a kan 47,500, wato kashi 15.8 a kwana talatin. Idan aka ninka da 365 aka raba da 30, ya kama kashi 192 a shekara. Ta hanyar ruwa a kan ruwa kuwa ya kusa kashi 495, kuma wannan lamba ta biyu tana daina zama ta takarda ne ga mutumin da ke cin sabon bashi duk wata don ya biya tsohon.

Wanda ya guje wa kuɗin ruwa saboda addini bai fita daga bukatar wannan lissafi ba. Tun da Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, da rassansa na farko a Abuja da Kaduna da Kano, cinikin murabaha ya zama sananne: banki ya sayi kaya, ya sayar wa abokin ciniki da riba sananniya, a biya kashi-kashi. Hukuncin cinikin daban yake da na rance, amma tsarin kuɗinsa yana aunuwa. Farashin kayan na kuɗi hannu, bayan an cire kafin alƙalami da caji, shi ke zama abin da aka karɓa, biyan wata kuma abin da ya fita. Lambar da ta fito ita ce za ta nuna ko ribar wannan banki ta fi ta wancan sauƙi. Haka yake ga mai sayen firiji ko babur a biya kaɗan-kaɗan.

Inda ake yawan zamewa

Lokacin biya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan rancen na biyan mako-mako ne, adadin da RATE ya bayar na mako ne, da 52 ake ninka shi. Idan an cire biyan farko a ranar da aka ba da kuɗin, sai a rage shi daga abin da aka karɓa, a bar biya goma sha ɗaya. Ma'aikacin da ya karɓi rance a tsakiyar wata aka fara cira daga albashin ƙarshen watan bai sami cikakken wata ba, kuma a irin wannan hali `XIRR` ta fi dacewa, domin tana karɓar kowane kuɗi tare da ranarsa. Sai dai amsar da take bayarwa ta shekara ce, ta hanyar ruwa a kan ruwa, don haka ba a sake ninka ta da goma sha biyu, kuma ba a ɗora ta kusa da lambar da aka samu ta ninkawa.

Abu na ƙarshe da awon ba ya yi shi ne faɗin ko rancen zai biya kansa. Kashi 4.19 a wata yana nufin kayan da mai shagon Kamazou ta saro da Naira 593,550 sai sun riƙa kawo ribar da ta haura wannan a kowane wata, bayan hayar shago da kuɗin mota da kayan da suka lalace. Mai sayar da shinkafa da man gyaɗa da ke juya jarinta sau biyu a wata za ta iya ɗaukar sa. Mai sayar da atamfa da kayanta ke jiran Sallah ko Kirsimeti za ta fara biyan Naira 63,931 tun kafin ta sayar da rabin abin da ta saro.